A taimaka da Hausar `one-sided alternative`, ga tambayar da ta kawo maganar

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a. Ina yi wa ƙannenmu 'yan aji biyu na jami'a bitar darasin ƙididdiga da Hausa duk Asabar, nan cikin Katsina. Wata ɗaliba ta ɗauko hoton tambaya daga takardar jarrabawar baya ta turo. Ga abin da ke ciki: mai sayar da irin masara ya ce aƙalla kashi 90 cikin ɗari na irinsa yana tsirowa. An shuka ƙwaya 200, guda 172 suka tsiro. A gwada a matakin kashi 5 cikin ɗari. Layin ƙarshe ya ɗan yanke a hoton, abin da ake iya karantawa shi ne `one-sided alternative`. Lissafin bai dame ni ba, sunan nake nema. Na ce musu "hasashe mai gefe ɗaya", suka yi ta kallona.

Ummi Daura: Wa alaikumus salam. Dole su kalle ka, Yaya. Hasashe ai na gaba ne, kamar hasashen ruwan sama. Kuma in ka ce abu mai gefe ɗaya ne, kunnen Bahaushe son kai yake ji, kamar an saurari ɓangare ɗaya an yanke hukunci. Malaminmu "wutsiya ɗaya" yake cewa, saboda zanen nan mai kama da ƙararrawa yana da wutsiya hagu da dama. Game da tambayar kuma, in `p` shi ne kason irin da ke tsirowa, `H1` kuma maganar da ake neman hujjarta, tunda ya ce aƙalla 90, ni `H1: p > 0.9` zan rubuta.

Malama Mai Alli: Ummi, kin yi daidai a kan hasashe, amma kin faɗa ramin da aka haƙa wa tambayar. "Aƙalla 90" yana nufin 90 ko sama. Daidaito yana cikinta, kuma maganar da ke ɗauke da daidaito ita ake sawa a `H0`, wato wadda ake ƙaddara gaskiya ce kafin gwaji, domin da wannan adadin ake yin lissafi. Saboda haka `H0: p = 0.9`, wasu littattafan su rubuta `p ≥ 0.9`, duk hanya ɗaya za a bi. Abin da zai ƙaryata mai irin shi ne a ce tsiron bai kai 90 ba, wato `H1: p < 0.9`. Idan kin sa alamar ta kalli sama, kina neman hujjar cewa irin ya fi yadda mai shi ya faɗa kyau, kuma babu manomin da zai kawo ƙara a kan haka.

Bari in yi lissafin a fili, don a san abin da ake raɗa wa suna. Kason da aka gani shi ne `172/200 = 0.86`. In da gaske 90 ne, ana sa ran ƙwaya 180 su tsiro, 20 su ƙi. Duka biyun sun wuce 10, don haka an yarda a yi amfani da teburin `z`. To amma ko iri mai kyau ne, ba kowace ɗiba ta 200 za ta ba da 180 cif ba, wata 177, wata 184. Girman wannan kai-kawo shi ne `√(0.9 × 0.1 / 200) = 0.0212`. Sai a raba giɓin da shi: `z = (0.86 − 0.9) / 0.0212 = −1.89`. Iyakar da ake dubawa in duk kashi 5 ɗin an tara su a hagu ita ce `−1.645`. Mun wuce ta, don haka an yi watsi da `H0`. Da ƙwayoyi ma za a iya faɗa: daga 173 zuwa ƙasa, maganar mai iri ta faɗi, a 174 kuwa tana nan.

Sagir UMYU: Malama, ni `−1.63` na samu, bai kai iyaka ba. Na danna sau biyu a kalkuleta.

Malama Mai Alli: Da 0.86 ka lissafa na ƙasan, ko ba haka ba? `√(0.86 × 0.14 / 200) = 0.0245`. Wannan na wani aikin ne, lokacin da ake neman tazarar da kason gaskiya zai iya faɗawa ciki. A gwaji, tambayarmu ita ce: in maganar mai iri gaskiya ce, sau nawa za a ga 172 ko ƙasa da haka? Tunda mun ƙaddara gaskiya ce, da 0.9 ɗinsa za a yi komai. Sau da yawa bambancin ba ya sauya hukunci, shi ya sa ɗalibai ke wucewa da kuskuren ba a kama su ba. A wannan tambayar ya juya amsar gaba ɗaya.

Sagir UMYU: Na gane. Amma batun layin da ya yanke ba matsala ba ne a ganina. Ai 0.86 ya gaza 0.9, ko ba a faɗa ba ka san hagu za ka duba.

Malama Mai Alli: A'a, Sagir, nan ne babban haɗarin, kuma shi ya sa nake son sunan da za a zaɓa ya fito da shi. Ba daga sakamako ake ɗauko alƙibla ba. Daga damuwar mai tambaya ake ɗauko ta, tun kafin a ƙirga ko ƙwaya ɗaya. A ce kullum sai ka leƙa sakamako, in ya faɗi ƙasa ka ce gwajin hagu ne, in ya hau sama ka ce na dama ne. Ka ba hagu kashi 5, ka ba dama kashi 5. Ke nan ko da kason gaskiya 90 ne cif, sau 10 cikin ɗari za ka yi watsi da shi, alhali ka rubuta a takarda cewa 5 ka yarda da shi.

Kuma dubi yadda abin ke da tasiri a nan. Da tambayar ta ce a gwada ko tsiron ya saɓa wa 90 ne kawai, ba ruwanta da sama ko ƙasa, sai a raba kashi 5 ɗin gida biyu, iyaka ta koma `±1.96`. Namu `−1.89` bai kai ba. Yiwuwar ganin giɓi irin wannan bisa dace, da ke `0.03` a gwajin hagu, ta zama kusan `0.06`. Ƙwayoyin nan 172 dai su ne, hukunci ya bambanta. Don haka Ɗan Ƙofar Marusa, ka sa yarinyar ta sake ɗauko hoton har ƙasa. "Aƙalla" da ke sama ta nuna hagu ne, amma a ga layin da ido.

Tsohon Magatakarda: Ku gafarce ni, ni ba ɗan lissafi ba ne, aikin kotu na yi har na aje. Amma abin da Malama ke bayani na san shi. A shari'a akwai asali, wato halin da ake ɗauka abu yana kai har sai an zo da hujja. Wanda ya zo yana cewa ba haka ba ne, shi ne mai da'awa, kuma hujja a kansa take. In ya kasa kawowa, alƙali ba ya cewa an tabbatar da gaskiyar wancan, cewa yake da'awa ba ta tabbata ba. Me zai hana ku ce `H0` asali, `H1` da'awa?

Ɗan Ƙofar Marusa: Allah Ya ƙara girma, Baba. "Asali" ya zauna daram. Har ya warware mini wata matsala, don yaran in gwaji bai kai iyaka ba sai su rubuta "mun tabbatar 90 ne". Yanzu sai in ce su rubuta "asali yana nan, ba a kawo hujjar da ta isa ba".

Malama Mai Alli: Baba, na karɓi asali hannu biyu. Da'awa ce nake tsoro. A wannan tambayar wa ɗalibi zai ce ya yi da'awa? Mai iri, shi ne ya buɗe baki ya ce aƙalla 90. In mun koya musu `H1` sunanta da'awa, za su ɗauki maganarsa su sa a can, mu koma kuskuren Ummi. Wani lokaci maganar da aka faɗa a tambaya tana zama `H0`, wani lokaci `H1`, kamar in an ce "fiye da rabi", inda babu daidaito a ciki. Ni "tuhuma" zan ce. Mai iri ya yi magana, mu muna tuhumar bai kai ba.

Tsohon Magatakarda: Tuhuma ta fi kusa da laifi, 'yata. In likita yana gwada ko sabon magani ya fi tsoho warkarwa, wa ake tuhuma?

Malama Mai Alli: Wannan gaskiya ne, Baba, a nan ba ta zauna sosai ba. Sai dai a ce asalin ake tuhuma, ba mutum ba.

Alhaji Na Funtuwa: Ni dai da na ga masara na tsaya. Sana'ata ke nan. Ƙwaya 200 ɗin daga ina aka ɗebo su? In daga bakin buhu ɗaya ne, to buhun aka gwada, ba kayan mutum ba. Buhun da ya kwana jikin bango ya sha danshi daban yake da na tsakiya. Kuma 86 da 90 a gona, ƙara iri kaɗan za ka yi a rami.

Malama Mai Alli: Alhaji, duka biyun suna kan hanya. Lissafin ya ƙaddara an ɗebo ƙwayoyin ne ba zaɓe daga duk kayan, kuma babu abin da `z` zai gyara in ba haka aka yi ba. Na biyun kuma, gwajin cewa kawai ya yi giɓin ya fi ƙarfin a ce dace ne. Ko ya isa a mayar da kaya, wannan tsakaninka da mai iri ne.

Ummi Daura: To a koma kan ɗaya rabin. Tuhuma mai wutsiya ɗaya? Na faɗa a bakina na yi dariya.

Ɗan Ƙofar Marusa: Wutsiya ta zane ce, sai an zana ake ganinta. Malama ta yi ta cewa alƙibla, ni ita ta kama ni: "tuhuma mai alƙibla" in `<` ko `>` ne, "tuhuma marar alƙibla" in `≠` ne. Wanda zai yi salla ya san kafin a tayar ake daidaita ta, ba a tsakiya ba. Sai a bambanta su da tuhumar gazawa da tuhumar zarcewa.

Sagir UMYU: Wasu za su ce a bar alƙibla wa salla. "Mai fuska ɗaya" da "mai fuska biyu" fa?

Ummi Daura: Mai fuska biyu munafuki ne, Sagir. Kuma ai ana cewa magana ba ta da alƙibla, ba salla kaɗai ba.

Tsohon Magatakarda: Alƙibla ba ni da ja. Tuhuma dai ina nan a kan bakana. Ku gwada "ƙalubale" ma ku ji.

Ɗan Ƙofar Marusa: Ranar Asabar zan rubuta asali da tuhuma mai alƙibla a allo, in ba su tambaya ɗaya ta gazawa, ɗaya ta zarcewa irin ta maganin da Baba ya kawo, in ga inda za su yi tuntuɓe. Yarinyar ta sake turo hoton, layin ƙarshe cewa ya yi a gwada ko tsiron bai kai yadda mai iri ya faɗa ba. Hagu ne, `−1.645`.