Neman shawara: shekara huɗu ban yi aikin albashi ba, me zan ce wa mai intabiyu?

Nasiru, Agege:
Assalamu alaikum. Na yi aikin kula da sito a wani kamfani a Ikeja daga 2014 zuwa watan Yuli na 2020, lokacin da aka rage ma'aikata bayan kullen korona. A shekarar mahaifina ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a Funtuwa, kuma da yake yayana yana da mata biyu da 'ya'ya tara, ƙannena mata kuma duk suna gidajen mazajensu, ni na koma na zauna da shi, ina kai shi asibiti a Zariya, ina juya shi, ina yi masa wanka, har Allah Ya karɓi abinsa a ƙarshen 2022. Daga nan na dawo Legas na ɗan taɓa wasu abubuwa. Makon jiya na je intabiyu a Apapa, manajan ya ce, "Shekara huɗu me kake yi?" Na fara bayani, na ga yana duba agogo, sai na rikice. Sun ce in koma ranar Talata. Me zan faɗa?

Sani Direba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Malam Nasiru, ka gyara takardar tarihin aikinka kawai, ka rubuta cewa ka bar kamfanin a 2023. Babu wanda yake da lokacin bincike a garin nan, kuma na san mutane da dama da suka yi haka suka wuce lafiya.

Hajiya Binta, Ikeja:
Malam Sani, ka yi haƙuri, wannan shawarar ita ce za ta kashe masa aikin. Na shekara goma sha ɗaya ina zama a teburin ɗaukar ma'aikata. Mai kula da sito amanar kaya ake ba shi, saboda haka a kansa ake yin binciken da ba a yi a kan kowa: ana kiran tsohon wurin aikinsa, ana neman masu tsaya masa, wani lokaci a ce ya kawo bayanin asusunsa na fansho, inda watan da kamfani ya daina zuba masa kuɗi yake rubuce ƙarara. Sannan su wannan kamfanin sun riga sun ga takardar farko mai ɗauke da 2020.

Nasiru, ƙanena, manajan ba labarin rayuwarka yake nema ba. Abu uku ne a ransa, ko da bai furta ba: ko korar ka aka yi saboda kaya sun ɓata a hannunka, ko aikin ya kwance maka, ko kuma gobe wata larura za ta sake mayar da kai gida. Kowace jimla da za ka faɗa ta zama tana kashe ɗaya daga cikinsu, kuma duka kada su wuce minti ɗaya. Misali ka ce: "An sallame ni a Yulin 2020 tare da wasu ma'aikata saboda ragin da aka yi, ga takardar sallamar. Daga nan zuwa Disambar 2022 ina jinyar mahaifina a Jihar Katsina, ya rasu, iyalina kuma yanzu suna nan Agege tare da ni. Daga 2023 na yi kaza da kaza." Sai ka yi shiru ka dube shi. Idan ya sake tambaya, ka maimaita watannin da shekarun yadda ka faɗe su da farko, domin mai shakka yakan juya tambaya ne ya ga ko lissafin zai canza.

Amma ga inda na tsaya. Ka ba mu layi biyar a kan jinya, ka ba mu rabin layi a kan abin da ya biyo baya. Mene ne "wasu abubuwa"? Da ni ce a kujerar, nan zan danna.

Malam Habu, Idi-Araba:
Ni dai a ganina matsalar ba ta shekaru ba ce. Da sun ga suna Nasiru ko Habu shi ke nan. Na je intabiyu har sau uku da digirina, ana tambayata ko aikin gadi nake nema. Tun da aka hana acaɓa a 2022 yaranmu suke yawo, babu mai sauraronsu.

Hajiya Binta, Ikeja:
Abin da ka faɗa yana faruwa, Malam Habu, ban musa ba. Amma wannan an ga sunansa kuma an ce ya dawo Talata.

Nasiru, Agege:
Hajiya, na gode. Gaskiyar magana ita ce na ciri kashi 25 cikin ɗari na kuɗin fanshona, wanda doka ta yarda a cira idan mutum ya yi wata huɗu babu aiki, na haɗa da kuɗin wani aminina, muka fara kawo albasa daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya same mu, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota ya tashi, lodi biyu suka ruɓe a hanya. Har yanzu ana bina bashi. Ba zan faɗi wannan ba, domin wa zai ba mai bashi makullin sito? Maganar jinya kuma, ba na jin zan iya taƙaita shekara biyu da rabi na hidimar mahaifina a jimla ɗaya kamar wani abin kunya ne.

Hajiya Binta, Ikeja:
Babu wanda ya ce abin kunya ne. Ladanka yana wurin Allah, shi kuwa manajan yana da mutum shida a bayanka suna jira, kuma da ka shiga bayanin asibiti muryarka za ta karye kamar yadda ta yi makon jiya.

Cinikin albasar kuwa shi ne mafi amfanin abin da kake da shi, kana ɓoye shi. Ka ƙirga buhuna a wurin lodi, ka ƙirga su a wurin saukewa, ka rubuta abin da ya lalace, ka fitar da tsohon kaya kafin sabo, ka yi rigima da direbobi a kan gibi. Wannan ai aikin sito ne. Ka ce ka yi fataucin albasa daga watan kaza zuwa watan kaza, kuɗin sufuri ya cinye ribar, ka rufe. Idan littafin da kake rubuta shige da fice yana nan, ka tafi da shi. Tunda ka ciri kuɗin fansho, na san takardar sallamar tana hannunka, domin ba a biya sai da ita. Bashi kuwa ba sai ka fara ɗauko shi ba, amma idan an tambaye ka kai tsaye ka amsa da gaskiya, ka faɗi yadda kake biya. Kuma kafin Talata ka zauna da Excel na kwana biyu, domin suna iya ajiye maka kwamfuta su ce ka daidaita lissafin kaya a gabansu.

Alhaji Garba, Mile 12:
Hajiya, a nan na saba da ke. Na shekara talatin a kasuwar nan, kuma da mutum ya ce mini sana'a ta mutu a hannunsa, tambaya ta gaba da zan yi ita ce kuɗin wa ya tafi. Ya ambaci albasa, an buɗe ƙofar bashin ke nan. Ya tsaya a kan jinya, ya ce bayanta yana neman aiki, wannan ma ba ƙarya ba ce.

Hajiya Binta, Ikeja:
Alhaji, sai ya bar fiye da shekara guda babu komai a ciki, kuma mai tsaya masa, wanda ya san labarin albasar, shi za a kira a waya. Ranar da suka ji daga bakin wani, ba za su ce mantawa ya yi ba.

Maryam, Obalende:
Don Allah Hajiya, ni ma shekara biyar ina gida ina renon yara, amsar ɗaya ce?

Nasiru, Agege:
Na ji duka, Allah Ya saka da alheri. Littafin yana wurin aminin nawa, kuma ba mu cika magana ba tun bara. Ni dai har yanzu ina ganin idan manajan ya ji irin wahalar da na sha da Baba zai fahimce ni. Alhaji Garba, idan na bi taka, me zan ce in ya tambaye ni da me nake ciyar da iyali tun 2023?