Saƙon da zai amsa a madadinka idan ka tafi hutu

Da muka zauna da abokan aiki kan yadda ake rubuta wannan saƙon, an fi nanata maganar kwanan wata. Kada ka rubuta "zan dawo mako mai zuwa", domin wanda ya aiko saƙo bayan kwana biyar bai san wane mako kake nufi ba. Rubuta: "Ba na ofis daga 3 zuwa 14 ga Maris, zan koma aiki 17 ga Maris."

Wata 'yar'uwa ta ƙara da cewa a nemi yardar wanda za a tuntuɓa lokacin da ba ka nan kafin a sa sunansa a saƙon, kada a tarar shi ma ya yi tafiya. Na goyi bayanta sosai.

Sannan ka faɗi gaskiya: za ka riƙa duba saƙonni, ko sai ka dawo za ka amsa?