Takarda ta ce na ci riba, asusu kuma babu kuɗi: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai Burodin Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa. Gidan burodi nake da shi, shekara huɗu ke nan. Yaron da ke riƙe min lissafi ya ce a 2024 na ci ribar naira miliyan 3. Amma na shiga shekarar da dubu 750 a asusu, na fita da dubu 450. Na je neman rance, banki suka ce in kawo bayanin shige da ficen kuɗi, wai kashi uku ake raba shi. Wanda ya taɓa haɗa wannan takarda ya taimaka ya faɗa min yadda ya yi. Har na fara zargin yarana, kuma ba na son in ɗauki alhakin kowa.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba wuya Alhaji. Ka je reshen da kake ajiya su buga maka takardar asusunka ta wata goma sha biyu. Ni haka na yi lokacin da na nema.

Akanta Bashir: Hajiya, waccan daban ce. Takardar banki tana jera abin da ya shiga da abin da ya fita ne kawai, ba ta faɗin dalili. Wadda ake nema a wurin Alhaji tana kasa kuɗin ne bisa inda suka fito. Kashi na farko kuɗin da sana'ar kanta ta juya: cinikin burodi, fulawa, sukari, albashi, itace ko gas. Na biyu kuɗin saye ko sayar da kayan aiki masu daɗewa, irin su tanda, mota, fili. Na uku kuɗin da ke tsakaninka da masu ba ka rance ko masu hannu a jarin, har da kai kanka. Alhaji, turo min bashin da kake bi da wanda ake bin ka a farko da ƙarshen shekara, kayan da ke sito, da duk wani babban abu da ka saya ko ka sayar.

Mai Burodin Kurna: To Malam Bashir. Bashin da nake bin masu shayi da masu kanti ya ƙaru da miliyan 1.9. Fulawa da sukarin da ke sito sun fi na farkon shekara da miliyan 1.4, na tara ne don tsoron tashin farashi. Dilan fulawa yana bi na ƙarin dubu 500. Na sayi sabuwar tanda miliyan 4.5, na sayar da tsohon keken raba burodi dubu 700. Na ci rancen miliyan 3, na mayar da dubu 600 daga uwar kuɗin. Wana ya saka miliyan 1, ni kuma na ɗebi dubu 900 na hidimar gida. Yaron ya kuma cire dubu 800 wai na tsufan injuna.

Akanta Bashir: Madalla, ka kwantar da hankalinka. Mu fara daga ribar miliyan 3. Dubu 800 na tsufan injuna an rage su daga riba, amma ba wanda ka miƙa wa su a hannu, don haka a mayar da su: miliyan 3.8. Burodin da masu shayi suka karɓa ba su biya ba an lissafa shi ciniki, kuɗin kuwa bai zo ba, a cire miliyan 1.9. Fulawar da ke jibge a sito kuɗi ne da suka fita ba su dawo ba tukuna, a cire miliyan 1.4. Dubu 500 na dila kuwa kaya ka karɓa ba ka biya ba, kuɗin suna hannunka, a ƙara su. Saura miliyan 1 daidai. Abin da gidan burodin ya kawo maka a hannu ke nan.

Kashi na biyu, tanda ta ci miliyan 4.5, keke ya kawo dubu 700, miliyan 3.8 sun fita. Na ɗauka kuɗin keken bai shiga cikin ribar ba, ka tambayi yaron. Kashi na uku, rance da kuɗin wanka miliyan 4 sun shigo, biyan rance da na gida miliyan 1.5 sun fita, saura miliyan 2.5. Haɗa ukun: miliyan 1 da miliyan 2.5 sun shigo, miliyan 3.8 sun fita, giɓin dubu 300. Cire shi daga dubu 750, ga dubu 450 ɗinka. Lissafin ya rufe, a waɗannan alƙaluma ban ga inda yaranka suka taɓa ko kwabo ba.

Ɗan Wambai: Malam, ina da ja a wuri ɗaya. Lokacin da na haɗa tawa ta shagon robobi, kuɗin da abokina ya saka a kashi na biyu na sa shi. Ba shi ake kira kashin zuba jari ba? Mutum ya zuba jari, ina kuma za a kai shi? Tanda dai na yarda nan ne wurinta.

Akanta Bashir: Sunan ne ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. Takardar ta shagon ce, ba ta abokinka ba. A wurinsa zuba jari ya yi, a wurin shago kuɗi aka samo daga mai hannun jari, wannan kashi na uku ne. Kashi na biyu sai abin da shagon da kansa ya saka a kadara. Robobin da kake sarowa don sayarwa ma ba sa shiga nan, komai yawansu, na farko ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni kashi na farkon nan ne ya tona min asiri. Shekara biyu ina ganin kuɗi a asusu, ina murna. Da 'yata ta raba min su, sai ga shi sana'ar ba ta kawo komai, fita ma suke yi. Abin da ke cike ramin filin da na sayar ne da adashen da na kwasa. Atamfofina duk suna gidajen mutane, ana biya na dubu biyar yau, dubu uku wani watan. Alhaji, ni miliyan 1.9 ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Ka zauna ka duba su waye, tun yaushe, kuma nawa ne a ciki ba zai dawo ba.

Baba Isa Dawanau: Hajiya ta yi gaskiya a nata, amma kada yara su ɗauka duk wanda kashinsa na farko ya nuna giɓi ya karye. Mu masu hatsi muna sayen masara da gero da kaka, mu ajiye sai bazara ko damina ta kama. Ka rufe min littafi a Disamba, za ka rantse na talauce, alhali buhuna ne cike da sito. Rufe shi a Agusta ka gani. Fulawar Alhaji ma ajiya ce, ba asara ba.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, masara tana jure ajiya, fulawa fa? Kuma rance ya ci a shekarar da ya tara ta.

Injiniya Nura: Tawa ta ɗan bambanta. Ba na cin rance mai ruwa, don haka injin niƙan shinkafata ta hanyar murabaha na same shi: banki ya saya ya sayar min, ina biya wata-wata. Ko sisi bai ratsa asusuna ba ranar da aka kawo shi. Akantana bai sa shi a kashi na biyu ba, ya rubuta bayaninsa daban a ƙasa, ya ce abin da kuɗi ba su motsa ba ba ya shiga jikin takardar. Biyan wata-watan kuma ya kai kashi na uku. Wani akanta da ya gani ya ce ribar da bankin ya ɗora a raba ta a kai kashi na farko. Har yau ba su daidaita ba. Malam Bashir, kai ina kake sa ta?

Mai Burodin Kurna: Allah ya saka da alheri. Na kira yaron, ya ce kuɗin keken bai sa a riba ba. Hajiya, na buɗe littafin bashi yanzu, mutum uku kaɗai ke riƙe da fiye da rabin kuɗin, ɗaya ma ya tashi daga unguwar tun azumi. Malam Bashir, wannan nasa yaya zan yi da shi a takardar?