PDF/A-1b ya ƙi karɓar hatimi, yaya zan yi?

Jama'a, a taimaka. Ofishin ajiyar takardu ya mayar mini da yarjejeniya, wai PDF/A-1b kaɗai suke karɓa tunda takarda ce ta dindindin. Na san sharuɗɗansa: haruffa a cikin fayil, ba kalmar sirri, ba JavaScript. Duk na cika.

Matsalar hatimin ne, hoton PNG mai shara-shara da ake ganin rubutun ƙarƙashinsa. PDF/A-1 ya haramta irin wannan, don haka veraPDF ya kayar da fayil ɗin a sashe na 6.4. PDF/A-2b ya wuce lafiya, amma sun ƙi shi. Da na bi ta Ghostscript da `-dPDFA=1`, sai ya mayar da shafin gaba ɗaya hoto, rubutun ba ya bincikuwa kuma.

Yaya zan daskarar da hatimin kaɗai, rubutun ya zauna yadda yake?