Madarar da aka cire wa mai: madara ce ko tsala?

Baban Hanifa, Fagge: Jama'a, raina a ɓace yake. Likita ya ce kolastarol ɗina ya hau, tumbi ma ya fito, wai in koma madarar da aka cire wa mai. Na sayo gwangwani guda a Sabon Gari, wallahi tsala ce kawai! Kuɗina sun tafi a ruwa.

Malam Sabo: Alhaji, tsala fa ba abin zagi ba ce. Nono ne da aka kaɗe aka kwashe man shanu. Da ita aka yi ta dama mana fura.

Gwaggo Hari: Wa ya ce? Tsala ruwa ake ƙara mata. Kindirmo shi ne nono.

Bappa Jauro: Gwaggo, a daina ɗora wa masu tallar nono ha'inci. Kaɗa nono daban, zuba ruwa daban.

Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya: Ku bar ni in amsa wa Alhaji. Ba ruwa ka saya ba. Kofi ɗaya na madara mai mai yana da kalori kusan 150 da mai giram 8, marar mai kuwa kusan kalori 90. Yawan furotin da sinadarin ƙashi a cikin madarar biyu duk ɗaya ne. Tazarar 60 ɗin nan ba ta wuce ƙaramin cokalin sukari huɗu ba. Shayinka cokali nawa ne?

Baban Hanifa: Biyar, safe da dare. Da ma babu ɗanɗano, sai na ƙara ɗaya.

Sista Rabi: To in kofi ɗaya na madara kake sha a wuni, rabin abin da ka rage ka mayar da shi, ga sukari cokali 12 a wuni. Ta fuskar ƙiba, nan matsalarka take. Zuciya kuma zancenta daban: fiye da rabin man madara irin mai daskarewa ne, shi ke ɗaga mugun kolastarol. Tunda naka ya riga ya hau, likita bai yi kuskure ba. Kuma ka duba bayan leda: madarar gari mai araha da yawa an cire mata man shanu ne an zuba man shuka, galibi na kwakwar manja. Ita ma mai mai ce.

Malam Sabo: Ai an yi bincike a ƙasashe 21 a 2018, masu shan madara sun fi lafiyar zuciya. A sha kindirmo kawai!

Sista Rabi: Malam, bibiyar abincin mutane aka yi, ba gwaji aka yi a kan masu kolastarol ba.

Gwaggo Hari: Ni dai Bappa bai ba ni amsa ba. Tsalar unguwarmu har ƙasan ƙwarya kake hangowa.

Bappa Jauro: Kin taɓa kaɗa nono da hannunki?

Malam Sabo: Bari in taƙaita. An yarda tsala abinci ce, sukari ne mai laifi, kindirmo ba shi da aibu.

Sista Rabi: Na ƙarshen nan ban faɗa ba, Malam. Alhaji, ka riƙe marar man, ka rage sukarin, ka sake awon jini bayan wata uku.