Abin da aka tattauna kan rage darajar kadara

Shawarar da ta fi jan hankalina a tattaunawar da aka yi kan yadda ake rage darajar kadara a littafin lissafin kasuwanci ita ce misalin injin da aka saya a kan miliyan 10, ana sa ran zai yi aiki shekara 5. Maimakon a zabtare kuɗin gaba ɗaya daga ribar shekarar farko, sai a riƙa cire miliyan 2 duk shekara. Ribar miliyan 6 za ta koma 4 a littafi, alhali ko sisi bai fita daga asusu ba. Nan ne, a ganina, masu kasuwanci da yawa ke ruɗewa.

Wasu sun ja kunne kan haraji: a ƙasashe da dama hukumar haraji na da nata ƙa'idar ragewa dabam, don haka ribar littafi ba lallai ta zama wadda ake biyan haraji a kanta ba.