Neman kalma: me za mu kira fuluwensi da Hausa?

Ɗalibar kwalejin ilimi: Assalamu alaikum. Ina rubuta tsarin binciken da zan yi a ajina, firamare aji biyu. Tambayata: idan yara suka zauna bibbiyu suna maimaita gajeren labari, minti 15 kullum har mako 6, karatunsu zai sake? Abin da ya tsayar da ni shi ne kalmar da Turawa ke cewa fuluwensi. Na rubuta "saurin karatu", amma raina bai kwanta ba.

Wani malamin aji uku: Ai saurin ne, ƙanwata. Ba agogo ake sa wa yaro ba? Minti ɗaya, a ƙirga. Bar shi haka.

Tsohuwar mai horar da malamai: Malam, agogon gaskiya ne, amma ba duk abin da ya fito daga bakin yaro ake ƙirgawa ba. A gwajin EGRA, wato gwajin karatun yaran azuzuwan farko, kalmomin da ya karanta daidai kawai ake ɗauka. 'Yata, a ce kin ba yarinya labari mai kalma 60, ta kai ta 31 minti ya cika, ta yi kuskure a 6. Makinta 25 ne. In ta cije a kalma daƙiƙa 3, ki sa alama a takardarki, ki nuna mata ta gaba. Mai gudu yana tsallake kalmomi ba ya cin komai. Ni "karatu ba gargada" nake cewa, don gargada ta haɗa tuntuɓe da jan ƙafa, kuma iyaye ma sun san ta.

Wani daga Maraɗi: Me ya hana a ce tilawa? Yarona yana zuba karatu kamar ruwa.

Tsohuwar mai horar da malamai: Wannan hadda ce, Alhaji, kuma ita ce ke ɓata irin wannan bincike. 'Yata, kada ki auna su da labarin da suka yi ta maimaitawa. Ki tanadi labari biyu masu tsawo da wahala ɗaya, na farko kafin a fara, na biyu bayan mako 6, kuma kada su taɓa ganin ko ɗaya. Bayan kowanne ki yi tambayoyi kaɗan, ki ji ko sun gane. Kada kuma ki kwatanta makin da na Turanci: "ya", "ta", "da" sun cika rubutunmu, ƙirgen ba zai zo ɗaya ba.

Ɗalibar kwalejin ilimi: Na gode, Hajiya. Amma a kan takardar maki "rashin gargada" zan sa? Kamar sunan cuta.

Wani malamin aji uku: Sa "sakin baki a karatu" mana. Kuma yaran da ba su san baƙaƙe ba fa? Rabin ajina sifili za su ci, maimaitawa ba za ta yi musu komai ba.

Tsohuwar mai horar da malamai: Su a ware su, a auna su da sautin baƙaƙe. "Sakin baki" kuwa ban yarda ba, mutane za su ɗauka surutu ake nufi.